Taken tallar shayi mai harshen damo: a fassara shi yadda yake, ko a ƙirƙiro sabo?

Rabi: Assalamu alaikum, malamaina da abokan aiki. Ina neman shawararku kan wani aiki da ya shigo hannuna shekaranjiya, wanda kalmominsa biyu ne kacal amma ya hana ni sukuni. Wani kamfani da ke shigo da ganyen shayi nan Yamai, irin na ƙunshi mai zare da ake jefawa cikin kofi, yana son a mayar da taken tallarsa zuwa Hausa. Ga shi yadda ya zo a fayil ɗin da suka turo: "Thé prêt ?" Duk mai jin Faransanci ya san cewa in an faɗe shi da baki daidai yake da "T'es prêt ?", saboda haka mai sauraro yana jin tambaya biyu a lokaci guda, wato ko shayi ya yi, da kuma ko shi kansa ya shirya. Hoton da ke tare da taken na wani matashi ne ɗan kabu-kabu da sassafe, kofi na tururi a hannunsa, babur ɗinsa a gefe. Za a sa shi a allunan talla, a rediyo cikin sanarwar sakan 20, sannan a tura shi ta gajeren saƙon waya. Wakilin kamfanin ya ce yana son fassara mai aminci, kada in ƙara kada in rage. In na rubuta "Shayi ya yi?" na zubar da tambaya ta biyu, in na rubuta "Ka shirya?" shayin ne ya ɓace. Shin in bi umarninsa in ɗauki ɗaya, ko in koma in ce masa dole a ƙirƙiro sabon take?

Abdu: Wa alaikumus salam, Yaya Rabi. A ganina wannan ba abin dogon tunani ba ne, domin an riga an san cewa talla ba a fassara ta, sake rubuta ta ake yi. Kamfanin alewar nan na Jamus, Haribo, takensa na Jamusanci yana cewa yana faranta wa yara rai har da manya, amma na Faransanci cewa yake rayuwa tana da daɗi ga manya da ƙanana, kuma babu wanda ya ce an ci amanar asali. Ki ajiye Faransancin gefe ki nemo abin da zai kama kunnen Bahaushe. Ni da ni ne, da na rubuta "Sha, yi!" domin kalmar shayi da kanta ta rabu biyu ta ba da umarni: ka sha, sannan ka tashi ka yi aikinka. A allo sai a rubuta sha da launi ɗaya, yi da wani launi.

Malam Isuhu: Abdu, misalinka gaskiya ne amma bai rufe maganar ba. Abin da masu alewar suka tsare shi ne amsa-amo da karin waƙa, kuma amsa-amo abu ne da ake iya samu a kowane harshe in an yi haƙuri. Matsalar Rabi daban take, domin a nata taken saƙon da kansa yana zaune ne a kan haɗuwar sauti biyu da Faransanci kaɗai ya haɗa su.

Rabi, kafin ki zaɓi hanya, ki tsaya ki raba taken gida biyu ki tambayi kanki wane gida ne ke sayar da kaya. Na yi shekaru ina juya sanarwa daga Faransanci zuwa Hausa a gidan rediyo, kuma abin da na lura da shi shi ne cewa a irin wannan wasa da kalmomi ma'anonin biyu ba sa yin nauyi ɗaya. Ɗaya ita ce alkawarin da ake yi wa mai saye, ɗayar kuwa ƙugiya ce da ke sa shi murmushi ya tuna. A nan hoton ya riga ya gaya miki. Shayin yana cikin kofi kowa na ganinsa, ba ya bukatar a sanar cewa ya yi. Abin da kamfanin yake son ya dasa a zuciyar mutum shi ne cewa ba ka shirya fita neman abinci ba sai ka sha nasu. Ke nan in dole ne a zubar da ɗaya, "Shayi ya yi?" ita ce ta fi sauƙin zubarwa, kodayake ita ce idon mai karatu ke gani a rubuce, kuma ita ce wakilin zai kira fassara mai aminci. Wannan shi ne abin da ya kamata ki nuna masa da farko: amincin da yake nema ga haruffa zai sa ya biya kuɗin allo don ya tambayi mutanen Yamai ko shayi ya dahu.

Hajiya Zainabu: Ni dai ban ga abin da ya hana a rubuta duka biyun ba. "Shayi ya yi. Kai fa, ka shirya?" Babu abin da aka rage, babu abin da aka ƙirƙira, kuma wakilin ba zai sami abin cewa ba. Shekara da shekaru ina fassara takardun kwangila da na kotu, kuma ka'idata ita ce abin da mai magana ya faɗa shi nake mayarwa, ba abin da nake jin ya kamata ya faɗa ba. In mai fassara ya fara saka nasa, ina iyakarsa?

Malam Isuhu: Hajiya, a takardar kotu ina bayanki ɗari bisa ɗari. A nan kuwa ki ƙirga. Taken asali gaɓa biyu ne a baki, naki gaɓa tara ne cikin kalmomi bakwai. A sanarwar sakan 20, inda sunan kaya da wurin saye da kiɗa duk suke neman wuri, take yana zuwa ne a ƙarshe kamar bugun ganga guda, kuma a allo mai wucewa a kan babur kallo ɗaya yake yi masa. Bayan tsawo akwai abu na biyu. Daɗin harshen damo shi ne mai sauraro da kansa yake gano ma'ana ta biyu, sai ya ji kamar shi ya yi dabarar. In an jera masa ma'anonin biyu ɗaya bayan ɗaya, an yi masa bayanin barkwanci ke nan kafin ya yi dariya. Duk da haka ba zan jefar da jimlarki ba. Ita ce ya dace Rabi ta sa a saman takardar da za ta aika, a matsayin abin da Faransancin yake nufi, domin a auna sauran zaɓin da ita.

Hajiya Zainabu: Na karɓi maganar tsawo, Malam. Maganar iyaka ce ba ka amsa mini ba.

Mahamadu: Gaisuwa daga Tawa. Kafin a amsa wa Hajiya, ina so in ja kunnen ƙanena Abdu kan "Sha, yi!" Dabarar raba kalmar tana da kyau a ido, amma a tuna da wanda ke cikin hoton. Duk wanda ke zama a tasha ya san abin da ake nufi in an ce wane sai ya sha yake iya aiki, kuma ba shayi ake nufi ba. Maganar tiramol a tsakanin masu aikin ƙarfi da ƴan kabu-kabu ba ɓoyayya ba ce a ƙasar nan. In ka ɗora "sha, yi" a kan hoton ɗan kabu-kabu da sassafe, ka ba masu ba'a abin yi, kuma ka ɓata wa ƴan kabu-kabun kansu rai, alhali su ake son su saya. Ga shi kuma umarni ne tsirara, babu ka babu ku, irin wanda ba a yi wa babba.

Abdu: Gaskiya hankalina bai kai nan ba, Yaya Mahamadu. To a duba wannan: "Fada ba faɗa, sai shayi." Duk unguwar da ka shiga a Yamai akwai fada, wato majalisar hira ta samari, kuma babu fada sai da buta a kan gawayi.

Rabi: Abdu, wannan ya fi na farko daɗin faɗi, sai dai na wani kaya ne. Shayin fada koren ganye ne da ake dafawa a ƙaramar buta, a yi ta juye shi daga sama har ya yi kumfa, a sha zagaye uku ana hira. Kayan da nake yi wa aiki baƙin ganye ne na ƙunshi, na mai sauri, wanda mai shayi ke jefawa a kofi da safe ya zuba madara. In na kira fada, na yi wa abokan gasarsu talla da kuɗinsu.

Sani: Ni aikina maɗaba'a ne, ba fassara ba, amma ku ba ni dama in faɗi abin da ke faruwa da irin wannan take bayan ya bar hannunku. Wasan Abdu gaba ɗaya yana tsaye ne a kan lanƙwasar harafi guda, wato bambancin d da ɗ. Yawancin salon haruffa na ado da kamfanoni ke turowa daga waje ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Abin da ke faruwa ɗayan biyu ne: ko na'ura ta sa akwatin da babu komai a gurbin harafin, ko mai tsara shafi, wanda sau da yawa ba ya jin Hausa, ya goge ƙugiyar ya sa d don aiki ya tafi. Sai a wayi gari allo yana cewa fada ba fada. Na taɓa ganin an sake buga aiki gaba ɗaya saboda ƙugiya guda.

A saƙon waya ma akwai lissafi. Saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160 in duk haruffan na gama-gari ne, amma da zarar harafi ɗaya mai ƙugiya ya shiga, tsarin yana canjawa, saƙon ya koma haruffa 70 kawai. Wanda zai tura wa dubban mutane zai ga bambancin a kuɗinsa, kuma abin da zai yi shi ne ya cire ƙugiyar ba tare da ya tambayi kowa ba. Shawarata ga Malama Rabi ita ce ta fifita taken da babu harafi mai ƙugiya a cikinsa, ko kuma wanda ma'anarsa ba ta rushewa in ƙugiyar ta faɗi.

Balkisa: Ku gafarce ni na shigo a makare. In na fahimta daidai ana neman sabon suna ne ga shayin, ko? Ina ganin kada a taɓa sunan kaya, domin ni ma na taɓa yi wa wani mai sabulu aiki, muka sauya sunan zuwa Hausa, sai masu shaguna suka ɗauka jabu ne suka ƙi karɓa, har sai da aka mayar da tsohon suna.

Rabi: A'a, ƴar uwa, sunan yana nan yadda yake a kwali, ba wanda zai taɓa shi. Jimlar da ke ƙarƙashin sunan ce ake magana a kanta.

Malam Isuhu: Bari in koma kan tambayar Hajiya, domin tambaya ce ta gaske. Iyakar mai ƙirƙira a wurina abu uku ne da ba nasa ba: kayan, alkawarin, da hoton in an riga an ɗauke shi. Ba shi da ikon ya ce shayin yana maganin gajiya ko yana ƙara lafiya in kamfanin bai faɗa ba, domin wannan sabon alkawari ne da wani zai iya kama su da shi. Ba shi da ikon ya kai kayan fada alhali na karin kumallo ne. Abin da ke hannunsa shi ne kalmomi, sauti, da inda za a ɓoye ma'ana ta biyu. Kuma abin da ke tsare shi daga wuce gona da iri shi ne ya mayar da duk abin da ya rubuta zuwa Faransanci kalma da kalma, komai muninsa, ya miƙa wa mai kaya ya gani da idonsa. Wanda ya ƙirƙira ya ɓoye abin da ya yi, shi ne ya ci amana.

Yanzu ga abin da na zauna na juya tun jiya. Hausa tana da nata harshen damo a nan kusa, ba sai an je nesa ba. In an ce abu ya yi, ana iya nufin ya kammala, ana kuma iya nufin ya yi kyau, ya gamsar. "Shayi ya yi" tana ɗauke da su biyun, ga kuma yi da ta maimaitu tana ba kunne abin riƙewa. Abin da ya rage shi ne a jawo mai sauraro ciki ba tare da an yi masa bayani ba. Sai na ce: "Shayi ya yi, saura kai." Gaɓa bakwai ne, haruffa 22 har da tazara, babu ƙugiya ko ɗaya, don haka Sani zai yi barci. Ba a ambaci shiri ba, amma duk wanda ya ji ya san ana ce masa ya tashi. Wasan ba a wuri ɗaya yake da na Faransanci ba, kuma tambaya ta koma zance, wannan dole a gaya wa wakilin. Amma abubuwan biyu da asalin ke faɗa duk suna ciki.

Hajiya Zainabu: Wannan ya fi kusa da fassara fiye da yadda na zata za ka kawo, Malam, don haka ba ni da faɗa da shi sosai. Sai dai kai ɗin nan. Mu ne muke sayen ganyen shayi a gida, mu ne muke dafa ruwan, amma take yana magana da namiji kaɗai.

Malam Isuhu: Kin yi gaskiya, kodayake asalin ma siffar namiji ya yi amfani da ita, kuma namiji ne a hoton. Ana iya cewa "saura ku", wanda ya haɗa kowa kuma ya fi ladabi, amma yana rage kaifi, domin mutum ya fi jin an taɓa shi in an nuna shi shi kaɗai. A rediyo akwai mafita mai sauƙi: a ɗauki murya biyu, wata sanarwar ta ƙare da saura kai, wata da saura ke. A allo ne dole a zaɓi ɗaya.

Mahamadu: Malam, da girmamawa, akwai ramin da ba a duba ba, kuma ina jin nauyin faɗinsa a gaban iyayenmu mata amma aiki ne. Kalmar shayi a rubuce ba abin sha kaɗai take nufi ba. Akwai shayi na jin tsoro, kamar a ce wane ba ya shayin kowa, akwai kuma shayi na kaciya, kuma a nan wajenmu wannan ta ƙarshen kalma ce ta yau da kullum. A baki ba a rikita su da abin sha, domin karin sautinsu daban ne, amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna hawa da saukar murya. Yanzu a sake karanta taken da wannan ma'anar a zuciya: shayi ya yi, saura kai. Wannan ai maganar wanzami ce ga yaron da ke biye a layi. Ina tabbatar muku cewa in yaran makarantar sakandare suka gano shi, kwana biyu ya isa ya zagaye gari.

Abdu: Yaya Mahamadu, ai in ya zagaye gari an sami abin da ake nema ke nan. Talla ba don a yi maganarta ake yin ta ba?

Mahamadu: A yi maganarta, e, amma ba a riƙa tuna wanzami duk lokacin da aka ɗaga kofi ba.

Malam Isuhu: Mahamadu, ka kama ni, kuma na gode. Na yi ta faɗin jimlar da baki ina auna ta da kunne irin na mutumin rediyo, ban tsaya na dube ta a takarda ba. Amma mu auna girman ramin kafin mu gudu. Ma'anar da ba a so tana shigowa ne inda babu abin da ke tsare ƙofa. A rediyo murya tana tsarewa, domin mai karantawa zai faɗi shayi na sha, ga kuma ƙarar cokali a kofi. A allo hoto yana tsarewa, domin mutum yana ganin tururi kafin ya karanta harafi. Inda babu murya babu hoto shi ne saƙon waya, kuma a nan ne maganarka take da cikakken ƙarfi. To ba dole ba ne jimla guda ta yi aiki a wurare ukun. A saƙon waya a sa sunan kayan ya biyo bayan kalmar, a ce shayin wane ya yi, ko a fara da kofin shayi, sai ƙofar ta rufe. Abin da ban sani ba shi ne ko mai son ba'a zai bar hoto ya hana shi, kuma wannan ba a teburi ake gane shi ba.

Rabi, ki gwada su a kan mutane, amma ki kula da yadda za ki gwada. Kada ki tambayi kowa ko take ya yi masa daɗi, domin zai ce miki ya yi don kunya. Ki nuna masa a rubuce, ki yi shiru, ki ce ya karanta da ƙarfi, daga yadda ya furta kalmar farko za ki san wace ma'ana ta fara zuwa masa. Sannan ki tambaye shi me ake sayarwa, kuma me ake so ya yi. Wasu ki nuna musu da hoto, wasu babu hoto. Washegari ki koma ki ce su maimaita miki abin da suka gani jiya. Ki haɗa da waɗanda Zabarmanci ne harshensu na gida, tunda a Yamai allon zai tsaya, kuma da yawansu Hausar kasuwa suke ji, wadda ƙila ma'ana ta biyu ta "ya yi" ba za ta zo musu nan take ba.

Sani: Malama Rabi, ki kuma tambaye su faɗin gurbin da aka bar wa take a allon. In an tsara shi don haruffa 10 na Faransanci, haruffa 22 sai an raba su layi biyu ko a rage girmansu, kuma in za a raba, ke ce za ki faɗi inda za a yanke. Bayan waƙafi ne wurin yankan, kada a bar wa mai tsara shafi ya yanke tsakanin ya da yi.

Rabi: Na dawo da rahoto, kuma na gode wa kowa. Na gwada taken Malam a kan mutum 12, shida da hoto, shida babu hoto, a wurin mai shayin unguwarmu da kuma cikin gida. Waɗanda suka ga hoto dukansu sun karanta shayi na sha, biyar daga cikinsu suka ce ana nufin mutum ya sha ya fita aiki, ɗaya kuma ta ce gayyata ce kawai a zo a sha. A cikin waɗanda ba su ga hoto ba, huɗu sun karanta daidai, ɗaya ya tsaya yana tambayata wane shayi, ɗaya kuma, wani matashi, ya fashe da dariya kafin ya kai ƙarshe, kuma ba sai na tambaye shi dalili ba. Washegari na sami mutum tara daga cikinsu, bakwai suka maimaita "Shayi ya yi, saura kai" babu kuskure. Jimlar Hajiya da na nuna wa wasu mutum huɗu daban kowa ya fahimce ta sarai, amma da na koma, rabin farko kawai suka riƙe. Na san mutum 12 ba su isa a kafa hujja da su ba, sai dai sun isa su nuna mini cewa ramin Yaya Mahamadu yana nan, kuma yana inda Malam ya ce yake.

Abin da na aika wa wakilin shafi ɗaya ne. A sama na bayyana masa ma'anonin biyu na takensa da dalilin da ya sa Hausa ba ta haɗa su a sauti guda. Sannan na ba shi zaɓi uku: "Ka shirya?" a matsayin mafi kusa da alkawarin, jimlar Hajiya a matsayin cikakkiyar fassara, da ta Malam a matsayin wadda nake ba da shawara, kowace da mayarwarta zuwa Faransanci kalma da kalma da kuma abin da ta rasa. Maganar kaciya ma na rubuta masa ita ƙarara, domin gara ya ji daga bakina.

Wani abin da ban faɗa ba tun farko shi ne kuɗin aiki. Ya zo ne da lissafin dala goma ta sefa kowace kalma, wato kalmomi biyu dala ashirin, kuɗin da bai kai na kofin shayi da madara ba. Na ce masa kwana huɗu na yi a kan aikin, kuma kuɗin aiki guda zan karɓa, ba na kalma ba.

Hajiya Zainabu: A kan kuɗin ina tare da ke, ƴata. A kan zaɓin kuwa har yanzu da ni ce da na sa tawa a gaba, domin take da mutum ɗaya cikin shida ya yi wa irin wannan dariya bai kwanta mini ba, kuma allo shekara yake yi a tsaye yara suna wucewa. Me wakilin ya ce?

Rabi: Ya ce shi kansa ya fi son ta Malam, amma shugabanninsa da ke waje ba sa jin Hausa, kuma sun saba ganin take iri ɗaya a duk ƙasashen da suke sayarwa, don haka yana tsoron su ce a bar na Faransanci a allo, a sa Hausa a rediyo kawai. Na tuna masa cewa tun 2025 Hausa ce aka ayyana harshen ƙasa, kuma ɗan kabu-kabun da ke hotonsu da wuya wasan Faransancin ya faɗo masa a kallo ɗaya. Ya ce zai kai musu shafin, amsa sai mako mai zuwa. Ya kuma tambaya ko za a iya yin irinsa da Zabarmanci, na ce masa wannan sai ya nemi mai harshen, kuma kada ya ba shi Hausar ya fassara, ya ba shi asalin da hoton.

Mahamadu: Kafin amsarsu ta zo, ki turo mini hoton da jimlar a kansa yadda za ta fito a allo. Ranar Lahadi kasuwa ke ci a nan Tawa, zan kai shi tasha in nuna wa ƴan kabu-kabu da masu shayi, in ga ko hoton zai tsare ƙofar a wajenmu kamar yadda ya tsare a Yamai. Zan kuma gwada "saura ku" a gefe, domin ina zaton wanzami ba ya cewa ku.

Malam Isuhu: In ka je, Mahamadu, ka saurari yadda za su mayar maka da ita da bakinsu. Mutanen Adar na iya juya ta su ce bari shayi shi yi, kuma in sun yi haka ka rubuto mana daidai yadda suka faɗa, domin mai karanta sanarwar a rediyon Tawa zai bukaci sanin ko ya bar ta a daidaitacciyar Hausa ko ya karkata ta zuwa harshen gari.